Kundin hotunan wata-wata na ƙanena: abin da ido ya gani da abin da baki ya ƙara

4 ga Janairu

Ƙanena ya fara motsa jiki kwana goma da suka wuce: tafiya da sauri ta minti 40 sau huɗu a mako, da ɗaga ƙarfe sau uku. Ya ce in riƙa ɗaukar sa hoto duk Lahadin farko na wata, in duba, in gaya masa abin da na gani. Da bakinsa ya ce, "Yaya, kar ka lallashe ni, kar kuma ka yanke ni. Abin da ke nan kawai." Na amsa da sauri kamar abu ne mai sauƙi, tunda na yi shekaru ina koya wa mutane atisaye. Sai da na zauna zan rubuta bayanin hoton farko na ga aikin da na ɗauko.

Mun fara da shirya wurin, domin hoto yakan ba da labarin haske da nisa da tsayuwa kafin ya ba da labarin jiki. Mun zaɓi bango fari wanda ba komai a jikinsa. Na manna selotef a ƙasa inda dugadugansa za su tsaya, na auna mita uku daga nan, na manna wani inda wayar za ta zauna. Wayar a tsaye take a kan teburi, daidai tsayin cibiyarsa, kyamarar baya, a kan 1x, ba Portrait, kuma na kashe duk wani abin gyaran fata. Taga tana bayan wayar, hasken yana faɗo masa a gaba, mun kashe kwan fitilar sama. Lokaci kuwa da safe ne, bayan ya zaga bayi, kafin ya sa komai a ciki, kafin atisaye. Gajeren wando ɗaya muka ware, shi zai riƙa sawa kowane wata. Hoto uku: gaba, gefen dama, baya. Hannuwa a sake, ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba, ba shanye ciki, ba ɗaure tsoka.

Awon yau: tsayi santimita 172, nauyi kilo 88.4, ƙugu santimita 101, damtsen dama a sake santimita 33. Ƙugun na auna shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ba inda wando ke zama ba.

Jimlar farko da na rubuta ita ce, "Ciki ya yi yawa, kafaɗu sun zube." Na karanta na goge. "Ya yi yawa" ga wa? "Sun zube" kuma kalma ce da ake faɗa wa abin da ya lalace. Ga abin da na bari: daga gefe, ciki ya fi ƙirji fitowa gaba, inda ya fi fitowa ɗan ƙasa da cibiya ne. Daga gaba, ƙugu da ƙirji kusan faɗinsu ɗaya. Kafaɗu sun ɗan karkato gaba, ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ba a ganin ƙashin wuya. Ya karanta ya ce kamar rahoton mai awon fili. Na ce haka nake so.

Mun kuma yi yarjejeniya: hotunan nasa ne, a wayarsa suke zama, cikin ma'ajiya mai kulle, ba na tura wa kowa, ni ma ba na riƙe kwafi. Abin da nake rubutawa a nan ma da izininsa ne.

1 ga Fabrairu

Nauyi 87.1, ƙugu 99.5. Na jera hoton Janairu da na yau gefe da gefe, na yi ta kallo har idona ya gaji. Ban ga bambanci ba. Haka na rubuta, haka kuma na faɗa masa.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Wato wata guda na sha wahala a banza ke nan." Na ɗauko biro muka yi lissafi tare, kuma ina ganin wannan lissafin ya kamata duk mai ɗaukar irin waɗannan hotuna ya yi shi ko sau ɗaya ne. Tef yana auna kewaye, hoto kuwa faɗi kawai yake nunawa. In ka ɗauki ƙugu kamar da'ira, kewayensa ya ninka faɗinsa sau uku da 'yan kai. Raguwar santimita ɗaya da rabi a kewaye ke nan ba ta wuce rabin santimita a faɗi ba. To a fuskar waya, mutum mai tsayin santimita 172 yana cika kamar santimita 12 ne. Rabin santimitan nan a jikinsa ya koma abin da bai kai rabin milimita ba a kan gilashin waya. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ƙimar da ya sani ba ta kai nan ba.

Saboda haka "ban ga bambanci ba" magana ce a kan iyakar hoto da iyakar idona. Ba ta ce ba abin da ya faru ba. Na lura cewa in ban ƙara wannan bayanin ba, gaskiyar da na faɗa tana isa kunnensa a matsayin ƙarya, domin shi abin da ya ji shi ne "ba ka yi komai ba". Daga yau duk lokacin da zan rubuta cewa ban ga canji ba, zan rubuta tare da shi abin da tef ya ce, da kuma ko canjin ya isa a gan shi ma tukuna.

Ƙarfen da yake ɗagawa ya ƙaru sosai a watan nan, amma damtse yana nan a 33. Wannan ba abin mamaki ba ne. A makonnin farko yawancin ƙarin ƙarfi daga jijiyoyi yake zuwa, jiki yana koyon yadda zai sa tsokar da yake da ita aiki tare. Girman tsoka da ido zai gani yakan biyo baya ne, bayan makonni da dama.

10 ga Fabrairu

Ba ranar hoto ba ce, amma ya turo mini wani da ya ɗauka da kansa a madubin wurin atisaye, da rubutu a ƙasa: "Ka ce ba canji?" Gaskiya a hoton nan kamar wani mutum ne daban. Kafaɗu cike, damtse ya tashi, har da inuwar layi a saman ciki.

Ban so in kashe masa gwiwa ba, amma alkawari alkawari ne. Abu uku ne suka haɗu. Na farko, ya gama ɗaga ƙarfe ke nan, jini da ruwa sun taru a tsokar da ta yi aiki, ta kumbura na ɗan lokaci, kuma cikin 'yan sa'o'i za ta koma. Na biyu, fitilun wurin a sama suke, hasken da ke saukowa daga sama yana jefa inuwa a ƙarƙashin kowane ɗan tudu na jiki, sai tsoka ta fito kamar an zana ta. Hasken tagarmu na gaba kuwa shafe inuwa yake yi. Na uku shi ne nisa da kusurwa. Ya ɗaga wayar sama, ya juya kafaɗa ɗaya wajen madubi, ƙugu ya ja baya.

Batun nisan nan shi ne dalilin da na nace a kan mita uku. Duk abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto, kuma ana iya lissafa yawan girman. In kyamara tana mita ɗaya daga mutum, wani sashe na jikinsa ya fito gaba da santimita 10, sashen zai fito ya fi girmansa da kusan kashi 11 cikin ɗari idan aka gwada da sauran jiki. A mita uku kuwa, ƙarin bai wuce kashi 3 da ɗan abu ba. Da wannan kaɗai mutum zai iya ba kansa kafaɗa ko ya ba kansa tumbi a rana ɗaya, ya danganta da abin da ya turo gaba.

Na rubuta masa: "Jikinka ne, ba wanda ya ara maka. Haka yake fitowa bayan atisaye a ƙarƙashin fitilar sama. Amma ba zan jera shi da na Janairu ba, don ba ma'auni ɗaya aka auna su da shi ba." Ya ce in bar masa shi ya riƙa kallo. Na ce ai nasa ne.

1 ga Maris

Nauyi 85.9, ƙugu 97.5. Yau na fara ganin abu, kuma a hoton gefe ne, a kan na Janairu, ba a kan na Fabrairu ba. Wajen da ke tsakanin ƙirji da cibiya ya ɗan koma ciki. Ƙasan cibiya yana nan yadda yake. Daga gaba, kumatu sun ɗan ragu, layin haɓa ya fara rabuwa da wuya.

Kuma yau ne na yi kuskuren da ya fi kowanne koya mini abu. Ina ganin hoton bakina ya riga ni, na ce, "Kai, yanzu ka fara zama mutum!" Da wasa na faɗa, irin wasan wa da ƙani. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Da can me nake, Yaya?" Shiru na yi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Na shiga aikin nan ina tsoron kalmomin suka, ban yi tsammanin yabo ma yana da ƙaya ba. Duk yabon da aka ɗora a kan sabon hoto, hukunci ne a kan tsohon. Mutumin Janairu kuwa shi ne ya tashi da asuba ya fara tafiyar, kuma in ciwo ko aiki ko shekaru suka mayar da jikin inda yake, shi ne zai dawo ya tsaya a kan selotef ɗin. In na koya masa cewa wancan ba mutum ba ne, na haƙa masa ramin da zai faɗa gaba.

Kalmomin da muke da su na bayanin jiki yawancinsu da hukunci a cikinsu suke zuwa. Wanda ya rame mu ce ya lalace, ko ya faɗa, ko ya zube. Wanda ya yi ƙiba mu ce ya murje, ya yi kyau, hutu ya karɓe shi, in kuma ta wuce yadda muke so mu ce ya saki jiki, ya zama kaza. Ko'ina ka taɓa, jiki ne ake bayani amma hali ko daraja ake aunawa. Ba na cewa a daina magana yadda aka saba. Amma a cikin wannan kundin na yanke wa kaina ƙa'ida. Kowace jimla sai ta faɗi wane sashe ne na jiki, me ya yi (ya ragu, ya ƙaru, ya fito, ya koma, bai motsa ba), idan aka gwada da hoton wane wata, sannan yaya ƙarfin tabbacina yake. Wanda ake magana a kansa a jimlar shi ne ƙugu ko kafaɗa ko haɓa. Ba "kai" ba. Da zarar jimla ta fara da "ka zama" ko "ka yi", na san na bar hoton na koma kan mutumin.

Akwai gwajin da na samo wa kaina: in baƙon da bai san burin ƙanena ba ya karanta jimlar, bai kamata ya gane ko murna ake yi ko baƙin ciki ba. "Saman ciki ya koma da kamar faɗin yatsa ɗaya a hoton gefe, a kan na Janairu" ta ci wannan gwajin. Ga mai neman rage kitse labari ne mai daɗi, ga wanda ke fama da rama bayan jinya labari ne na damuwa, jimlar kuwa ba ta canza ba.

Yabo bai haramta ba, wurinsa ne daban. Ya yi atisaye 23 cikin 28 da ya tsara a watan nan. Wannan abu ne da ya aikata, na yaba masa a kai, a shafi dabam, ba a ƙarƙashin hoto ba.

5 ga Afrilu

Ya dawo daga tafiyar aiki ta kwana tara daren jiya. Nauyi 86.8, wato ya hau da kusan kilo ɗaya a kan Maris. Ƙugu 98. A hoto fuska ta ɗan cika, fatar ido ta yi nauyi, kuma daga gefe ciki ya fito fiye da na Maris ƙarara.

Kafin in buɗe baki ya riga ni: "Na sani, ni rago ne. Kullum haka nake, in fara in watsar." Ashe mai hoton ya fi mai kallo saurin yanke hukunci. Na ce masa ragwanci ba ya fitowa a hoto, ban san inda zan auna shi da tef ba. Na ce mu karanta abin da ke nan tukuna.

Abu na farko da na lura da shi ba ciki ba ne, baya ne. A hoton gefe na yau ƙasan bayansa ya lanƙwashe fiye da na Maris, ƙashin ƙugu ya karkato gaba, kai ma ya leƙo gaba. Mutumin da ya gaji, ya yi awanni a zaune a mota, haka yake tsayawa. In ƙugu ya karkata haka, ciki turowa yake yi ko da kitse bai ƙaru ba. Na gane hakan ne daga bakin wandon: a Maris layinsa a miƙe yake, yau gabansa ya sauka bayansa ya hau. Tun daga yau bakin wando ya shiga cikin abubuwan da nake fara dubawa.

Na biyu ruwa ne. Nauyin baligi yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin rana da rana ba tare da kitse ya motsa ba. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, kowane giram ɗinsa yana tafe da kamar giram uku na ruwa. Ga ƙarancin barci, ga abin da bai riga ya fita daga hanji ba. Ga mata kuma akwai kwanakin da al'ada ke gabatowa, shi ya sa ya fi musu kyau su riƙa ɗaukar hoton a lokaci ɗaya na zagayowar al'adar maimakon bin kwanan wata.

Abin da na rubuta: fuska da ciki sun fi na Maris cika, wannan a bayyane yake. Tsayuwa ta canza, don haka hoton gefe ba ya gwaduwa da na Maris kai tsaye. Ban san nawa ne ruwa, nawa ne tsayuwa, nawa ne kitse ba, sai an sake ɗauka. Ban ce masa "ba komai, ruwa ne kawai" ba, domin ban sani ba, kuma in na fara sayar masa da kwanciyar hankali da abin da ban tabbatar ba, ranar da na faɗi gaskiya mai daɗi ba zai yarda da ni ba.

9 ga Afrilu

Mun sake ɗauka bayan ya yi barci kwana huɗu a gadonsa. Nauyi 85.2, ƙugu 96.5. Bakin wando a miƙe. Fuska ta koma kamar ta Maris, ƙasan cibiya ya fara ɗan motsawa a karon farko. Ba mu goge hoton ranar 5 ba. Mun rubuta a ƙarƙashinsa "washegarin tafiya".

3 ga Mayu

Nauyi 84.3, ƙugu 95. Yau kaina na gwada, ba shi ba. Na fara zargin cewa tunda ina ganin awon kafin hoton, idona yana nemo abin da lambobi suka riga suka gaya masa. Sai na sa shi ya cakuɗa hotuna biyar na gefe, ya rufe kwanan watan, ya yanke kawunan don kar aski ko gemu su tona asiri, ya ba ni in jera su daga na farko zuwa na ƙarshe.

Na Mayu na gane shi nan take. Amma na sa Fabrairu a gaban Janairu da farko kafin na gyara, kuma na musanya Maris da 9 ga Afrilu, ina da tabbacin na yi daidai. A hotunan gaba abin ya fi muni, uku na tsakiya duk ɗaya suke a idona.

Wannan ya sa na koma na karanta abin da na rubuta a watannin baya da ɗan kunya. A ranar 9 ga Afrilu na ce ƙasan cibiya ya fara motsawa. Yau da aka rufe mini kwanan wata ban iya nuna shi ba. Mai yiwuwa tef na gani, na ɗauka hoto na gani. Na koma na ƙara a gefen wancan bayanin: "ba tabbas". Daga yanzu tsarin ya juya. Hoto zan fara kallo in rubuta, sannan a hau sikeli a ɗauko tef. Kuma gwadawa ta gaskiya tsakanin hotunan da ke da tazarar wata biyu ko uku ce. Na wata da wata mai bi masa ajiya ce kawai.

Bayanin yau a kan na Fabrairu: daga gefe, ciki da ƙirji sun kusa zuwa layi ɗaya a sama, ƙasan cibiya har yanzu shi ne ya fi fitowa amma bai kai na da ba. Daga baya, naɗin fata da ke saman wando ta ɓangarorin biyu ya ragu, na hagu ya fi raguwa. Ƙashin wuya ya fara bayyana. Ya tambaye ni wane atisaye ne zai cire na ƙasan cibiyar. Na ce babu. Jiki ba ya ɗebe kitse daga wurin da aka motsa, yana ɗiba ne bisa tsarinsa, wanda gado da jinsi ke da hannu a ciki, kuma ga maza da yawa ƙasan ciki da gefen ƙugu su ne na ƙarshen tafiya.

7 ga Yuni

Na rubuta bayanin kafin awo, kamar yadda na yi alkawari. Kafaɗu daga baya sun fi na Maris faɗi kaɗan idan aka gwada da ƙugu, sai dai ban iya rabewa ko kafaɗar ce ta ƙaru ko ƙugun ne ya ragu ba. Fatar ƙasan ciki ta ɗan saki. Akwai nankarwa a gefen ƙugu biyu, layuka masu ɗan haske. Sannan awo: nauyi 83.6, ƙugu 94.

Na yi jinkiri a kan nankarwar da sakin fatar, ko in rubuta ko in tsallake. Na rubuta. In ina faɗin canjin da yake so ina ɓoye wanda ba ya so, na koma mai talla. Da na duba hoton Janairu na ga nankarwar tana nan tun lokacin, ciki ne ya rufe ta daga kusurwar kyamara. Na gaya masa haka, na kuma ce tabo ne na miƙewar fata, yakan dushe da lokaci amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Ya ce shi tuni ya gan ta, yana jira ne ya ga ko zan yi shiru.

A nan ne kuma ya furta abin da ya fi damuna. Kusan mako uku ke nan kullum yana ɗaukar kansa hoto, wani lokaci sau biyu, yana buɗe shi yana zuƙowa kan ƙasan cibiya. Ran da ya ga kamar ya fito, sai ya ƙi cin abincin dare. Mun riga mun lissafa cewa canjin wata guda cur bai kai rabin milimita a fuskar waya ba. Wanda ke dubawa kullum ke nan ba abin da yake gani sai ruwa da haske da yanayin zuciyarsa na ranar. Kuma zuƙo hoto kan wuri ɗaya yana raba wurin da sauran jiki, har ya zama kamar shi ne mutumin duka.

Mun yi magana doguwa. Ya goge na kullum ɗin da hannunsa. Na ce masa in abin ya ci gaba, wato dubawa ta hana shi sukuni, ko tsallake abinci ya zama horo, ko ya fara gudun mutane saboda jiki, to mun dakatar da hotunan gaba ɗaya, kuma magana ta koma wajen likita ko masanin halayyar ɗan Adam, don damuwa da kamannin jiki da rikicewar cin abinci ciwo ne da ake magani, kuma maza ma suna yin sa. Ni abin da na iya awo ne da kallo.

Tunda maganar likita ta taso, na rubuta masa 'yan abubuwan da in na gan su a hoto ba zan tsaya bayani ba, tura shi asibiti zan yi: ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar ɗaya, ko idon sawu biyu sun kumbura har yatsa na barin rami, ko tawadar Allah da ke jikin fata ta canza girma ko launi, ko rama ta ci gaba alhali bai canza komai ba. Hoto yana iya nuna waɗannan. Hawan jini da sukari da kitsen da ke kewaye da kayan ciki kuwa ba ya nuna su, don haka "ka yi kama da mai lafiya" ma ba ta cikin jimlolin da zan rubuta.

5 ga Yuli

Wata shida. Ya ce bai ɗauki ko ɗaya ba tun wancan zaman, kuma yana cin abincinsa sau uku.

Na jera Janairu da yau, na rubuta kafin awo. Daga gefe: ƙirji da saman ciki suna layi ɗaya, ƙasan cibiya ya fi su fitowa da kamar faɗin yatsa biyu, a Janairu ya kai kamar huɗu. Daga gaba: ƙugu ya fi ƙirji ƙanƙanta, akwai sarari tsakanin hannu da gefen jiki wanda babu shi a Janairu. Ƙashin wuya a bayyane ta ɓangarorin biyu. Kafaɗar dama har yanzu ta fi ta hagu sauka, daidai yadda take a hoton farko. Cinya da sha-raɓa ban ga bambanci ba. Nankarwa tana nan. Duk waɗannan ina da tabbaci a kansu, ban da cinya, wadda wandon ya rufe rabinta.

Awo: nauyi 83.1, ƙugu 93, damtse 33.5. Ƙugu ya ragu da santimita 8 a kewaye, wato kamar biyu da rabi a faɗi, kusan milimita biyu a fuskar waya, shi ya sa yanzu ido ke kama shi ba wahala. Rabin santimitan damtse kuwa yana cikin kuskuren da tef kan yi, ban ƙirga shi ƙaruwa ba, ko da yake hannun da ya rasa kitse bai rage kauri ba yana nuna akwai abin da ya maye gurbin. Ƙugunsa a kan tsayinsa ya sauko daga 0.59 zuwa 0.54. Shawarar da likitoci ke bayarwa ita ce ƙugu ya zauna ƙasa da rabin tsayi, a wurinsa santimita 86 ke nan. Na faɗa masa lambar, shi zai yanke ko yana son bin ta da kuma saurin da zai bi.

Wannan karon na ba shi biro na ce ya rubuta nasa bayanin kafin ya ga nawa. Layinsa na farko: "Har yanzu ina da tumbi." Ya kalle shi, ya ja layi a kai da kansa, ya rubuta a ƙasa: "Ƙasan cibiya ya fi ƙirji fitowa, bai kai na Janairu ba." Sauran layukan kusan ɗaya suke da nawa, sai dai shi ya ga canji a wuyan hannu wanda ni ban gani ba, muka sa masa "ba tabbas".

Wandon ya fara zamewa, bakinsa ba ya zama inda yake zama a Janairu, don haka ya daina amfani a matsayin layin duba tsayuwa. Za mu canza wani, mu ɗauki hoto da tsohon da sabon a rana ɗaya don kar zaren ya yanke. Tunda ragin ya yi sanyi, mun mayar da hoton duk bayan wata biyu, tef kuma duk wata. Selotef ɗin dugadugai ya ɗaye ta gefe ɗaya, na sake aunawa na manna sabo. Ɗauka ta gaba 6 ga Satumba.